Google ya sa ka a gaba, mutane suna wuce ka: yadda ake gano shafin da ba a dannawa

Yawancin masu dandalin intanet, idan baƙi suka yi ƙaranci, abin da ke fara zo musu a rai shi ne Google bai san da su ba, ko kuwa ya tura su can ƙarshen layi inda babu mai leƙawa. Sau da yawa hakan ne. Amma akwai wani irin shafi da ciwonsa daban ne. Google ya san shi, ya yarda da shi, yana jera shi na uku ko na huɗu a sakamakon bincike, dubban mutane suna cin karo da shi kowane wata, amma kaɗan ne ke danna shi. Kamar shago ne a bakin ƙofar kasuwa, kowa ta gabansa yake bi, ciniki kuma yana can cikin lungu. Irin wannan shafi ya riga ya gama aiki mafi wuya, wato hawa sama, don haka gyaransa yakan fi sauƙi da arha a kan rubuta sabon shafi daga tushe. Matsalar ita ce ba ya nuna kansa. Sai an neme shi, kuma ko an same shi, sai an bincike shi kafin a taɓa shi.

Inda ake neman shi shi ne Google Search Console, wata manhaja ta kyauta da Google ke bai wa duk wanda ya tabbatar da cewa dandali nasa ne. Da can sunanta Webmaster Tools, a 2015 aka sauya mata suna. A cikinta akwai sashen da ake kira Performance, wanda ke ajiye bayanan watanni 16 na yadda dandalinka ya kasance a binciken Google. Lambobi huɗu ne a samansa. Total clicks shi ne yawan dannawa, wato sau nawa aka latsa mahaɗinka aka shigo. Total impressions shi ne yawan bayyana, wato sau nawa mahaɗin ya fito a sakamakon wani mai bincike. Average CTR kuwa dannawa ce aka raba da bayyana, aka mayar kashi cikin ɗari. Na huɗun, Average position, shi ne matsakaicin matsayi: a layi na nawa kake fitowa idan an haɗa duka an raba. Idan ka buɗe sashen, biyun farko kawai za ka tarar a kunne. Sai ka danna akwatunan biyun ƙarshe da hannunka kafin su fito a jadawalin ƙasa, kuma mutane da yawa sun shekara suna amfani da manhajar ba su taɓa kunna su ba.

Kafin a fara farauta, lambobi biyu cikin huɗun suna buƙatar a fahimce su da kyau, domin sunayensu sun fi su gaskiya.

Bayyana ba gani ba ce. A sakamakon bincike na yau da kullum, idan mahaɗinka yana cikin shafin sakamakon da mutum ya buɗe, Google yana ƙirga maka bayyana ɗaya ko da mutumin bai gangara ya iso kanka ba. Wanda ya rubuta tambayarsa a waya, ya danna abu na farko da ya gani, ya tafi, ya ba ka bayyana ɗaya alhali idonsa bai taɓa sauka a kan sunanka ba. A allon waya kuwa, wanda da shi yawancin masu karanta Hausa ke shiga intanet, sakamako biyu ko uku ne ke cika fuska. Na bakwai da na takwas suna can ƙasa sosai, suna tara bayyana a banza.

Matsayi kuma ya fi wannan ruɗarwa. Google yana ƙirga abubuwan da ke shafin daga sama zuwa ƙasa, kuma jerin hotuna ko wani akwati mai mahaɗai da yawa a ciki matsayi ɗaya yake ci gaba ɗayansa. Duk wanda ke cikin akwatin lamba ɗaya suke rabawa. Tallace-tallacen da aka biya kuɗi kuwa ba sa cikin ƙirgar ko kaɗan, ko da su ne suka tare saman allon. Saboda haka na biyu a takarda yana iya zama wanda sai an ja allo sau biyu kafin a gan shi. Sannan lambar da ake nuna maka matsakaici ce. A ce shafi ya bayyana sau 3,000 a matsayi na 1, ya kuma bayyana sau 2,000 a matsayi na 9. Idan ka ninka ka haɗa, 3,000 da 18,000 sun zama 21,000, ka raba da 5,000, za ka samu 4.2. Manhajar za ta rubuta maka 4.2, alhali shafin bai taɓa tsayawa na huɗu ba ko sau ɗaya. Wannan ɗan lissafi shi ne tushen duk abin da zai biyo baya. Shafin da ke da matsayi mai kyau da dannawa kaɗan abin zargi ne kawai, ba a kai ga yanke masa hukunci ba tukuna.

Fitar da jerin waɗanda ake zargi

Mu ɗauki misali mu bi shi har ƙarshe. Lambobin da za su zo na kwatance ne, na tsara su don a ga yadda aikin ke tafiya. A ce wata baiwar Allah tana da dandalin girke-girke da Hausa, mai shafuka kamar 200. Ta buɗe Performance, ta bar nau'in bincike a kan Web, ta zaɓi watanni uku na baya. Watanni uku sun fi mako ɗaya amfani a nan, domin lambobin mako ɗaya suna rawa da yawa. Ta kunna akwatuna huɗun, ta gangara jadawali, ta danna Pages. Yanzu kowane layi shafi ɗaya ne da lambobinsa huɗu. A saman allon akwai Export, ta nan za ta kwashe komai zuwa Google Sheets ko Excel. Abin da ke fitowa ta wannan hanya ba ya wuce layuka 1,000, wanda ya ishi ƙaramin dandali irin nata.

Aiki na farko shi ne zubar da abin da ba shi da nauyi. Shafin da ya bayyana sau 40 aka danna shi sau ɗaya ba ya gaya mata komai, domin da mutum biyu sun ƙara dannawa da kasonsa ya ninka uku. Sai ta sa wa kanta iyaka, a ce duk shafin da bai kai bayyana 1,000 a watanni ukun ba ta ajiye shi gefe. Babu wata doka a kan wannan lamba. Babban dandali zai ɗaga ta, ƙarami zai sauke ta zuwa 300 ko 500. Daga nan ta bar waɗanda matsayinsu bai wuce 5 ko 6 ba, tunda su ne za a iya cewa suna gaba da gaske.

Sai tambayar da kowa ke yi: kashi nawa ne ake kira rauni? A intanet akwai jadawalai da yawa da ke cewa na ɗaya yana samun kashi kaza, na biyu kashi kaza. Shawarata ita ce a kyale su. An tattara su ne daga wasu dandamali, a wasu harsuna, a kan wasu irin tambayoyi, kuma ko a tsakaninsu ba su yarda da juna ba. Mai neman girkin miyar kuka a Kano da mai neman inshorar mota a wata ƙasa ba irin sakamako ɗaya suke gani ba. Ma'aunin da ya dace da kai yana cikin bayananka. A takardar Queries da ta fito tare da ta Pages, sahu na B dannawa ne, na C bayyana, na E kuma matsayi. Wannan lissafi zai haɗa duk tambayoyin da matsayinsu ke tsakanin 3 da 5, ya ba da kason da suke samu:

```
=SUMIFS(B:B,E:E,">=3",E:E,"<5")/SUMIFS(C:C,E:E,">=3",E:E,"<5")
```

Kafin ta yi wannan, sai ta goge tambayoyin da ke ɗauke da sunan dandalinta. Wanda ya rubuta sunanka a Google ya riga ya yanke shawarar zuwa wurinka, zai danna ko yaya kanun yake, kuma irinsa na kumbura ma'aunin. A ce bayan ta cire su ta samu kashi 7 cikin 100. To wannan shi ne abin da dandalinta ya saba samu a wannan matsayi. Tana iya maimaita lissafin ga matsayi na 1 zuwa 3, da na 5 zuwa 7, kowane rukuni da nasa ma'auni.

Mataki na gaba shi ne wanda ke nuna inda ya kamata ƙarfi ya tafi. Maimakon ta jera shafukan bisa ƙarancin kaso, sai ta lissafa dannawa nawa kowanne ke asara, wato abin da ya kamata ya samu a cire abin da ya samu:

```
=C2*0.07-B2
```

Dalilin a fili yake. Shafin da ke samun kashi 1 a kan bayyana 1,000 yana asarar dannawa 60 ne kawai. Wanda ke samun kashi 4 a kan bayyana 20,000 yana asarar 600, ko da yake kasonsa ya fi kyan gani. Idan aka bi kaso kaɗai, za a ɓata yini a kan ƙaramin, a bar babban.

Da ta jera, shafuka uku suka hau sama. Na kunun aya ya bayyana sau 18,000, an danna shi sau 420, matsayinsa 4.1, asararsa 840. Na dambun nama ya bayyana sau 7,500, dannawa 135, matsayi 3.4, asara 390. Na alkaki kuma shi ne mai bayyana 5,000 da matsayi 4.2, dannawarsa 90 kacal. A jadawali kamanninsu ɗaya. Wanda ke gaggawa zai sauya wa ukun kanu a dare ɗaya ya kwanta yana jiran sakamako. Amma ciwo uku ne daban, kuma ɗaya ne kaɗai cikinsu sauya kanu zai warkar.

Kunun aya: an zo da wata tambaya daban

Hanyar bincikar kowane shafi iri ɗaya ce. A jadawalin Pages ta danna adireshin shafin, manhajar ta tace komai ya koma kansa shi kaɗai, sannan ta koma Queries. Yanzu tana ganin ainihin kalmomin da mutane suka rubuta har shafin ya fito.

Ga na kunun aya, tambayoyi biyu ne suka ɗauki yawancin nauyin. "Yadda ake kunun aya" ta kawo bayyana 4,000 a matsayi 2.5, da dannawa 320, wato kashi 8. Wannan lafiya lau take. "Amfanin kunun aya" kuwa ta kawo bayyana 11,000 a matsayi 4.5, da dannawa 55 kacal, wato rabin kashi ɗaya. Ragowar ƙananan tambayoyi ne. Nan da nan hoton ya sauya. Shafin bai gaza a aikinsa ba. An rubuta shi don koyar da haɗa kunu, masu neman haka kuma suna shigowa. Abin da ya faru shi ne Google, saboda ƙarancin rubutu da Hausa a kan batun, yana miƙa shi ga masu wata buƙata daban. Mai neman amfanin kunun aya ya karanta kanun, ya ga girki ne, ya wuce, kuma ya yi daidai. Wannan yana yawan faruwa da masu rubutu da Hausa, domin inda marubuta suka yi kaɗan, shafi ɗaya yakan tsinci kansa a gaba a kan tambayoyin da bai taɓa niyyar amsawa ba.

Idan ta sauya kanun ya koma "Amfanin kunun aya" ba tare da ta sauya abin da ke ciki ba, za ta yaudari sababbin, su shigo su fita, kuma tana iya rasa mutum 320 ɗin da ke zuwa don girki. Abin da lambobin ke gaya mata shi ne akwai tambaya mai bayyana 11,000 da ba ta da shafinta. Zaɓi biyu ne a gabanta: ta ƙara wa shafin sashe na gaske a kan abin da ke cikin aya da dabino da kwakwa, ta ambace shi a kanu, ko ta rubuta sabon shafi ta haɗa su da mahaɗi. Idan buƙatun biyu sun yi nisa da juna, sabon shafi ya fi. Abu ɗaya dai, batun amfani batun lafiya ne, kuma an cika intanet da alƙawuran da babu likitan da ya sa musu hannu. Idan ba ta da abin dogaro da za ta rubuta, barin wannan dannawar ta wuce ba asara ba ce.

Za ta lura da wani abu a nan: idan ta haɗa lambobin tambayoyin da ke jadawalin, ba za su kai jimillar da ke sama ba. Ba kuskure ba ne. Google yana ɓoye tambayoyin da mutane ƙalilan ne suka yi su, don kare sirrin masu bincike, amma yana sa su a jimilla. A ƙaramin dandali abin da ke ɓoye yana iya yin yawa, don haka hukuncin da aka yanke daga Queries hukunci ne a kan abin da ake iya gani.

Alkaki: matsayin da ba na gaske ba

Shafin alkaki shi ne mai lissafin da muka yi a baya. Tambayar "alkaki", kalma ɗaya tilo, ta ba shi bayyana 3,000 a matsayi na 1, amma dannawa 30 kawai. "Yadda ake alkaki" ta ba shi 2,000 a matsayi na 9, da dannawa 60. Na ɗaya da kashi 1 cikin 100 abin mamaki ne, kuma idan lamba ta ba da mamaki haka, manhajar ta gama nata aikin. Sauran sai ido. Sai ta ɗauki waya, ta buɗe burauza a yanayin sirri don kada tarihin bincikenta ya shiga ciki, ta rubuta kalmar. Abin da ta gani shi ne jerin hotuna a can sama, hoton alkakinta yana cikinsu. Matsayi na 1 ɗin na akwatin hotunan ne, ita da wasu suke raba shi. Mai rubuta "alkaki" kawai sau da yawa so yake ya ga kamanninsa, ya gani kuma ya tafi.

Don haka ainihin matsayin wannan shafi, a tambayar da ke kawo masu karatu, na 9 ne. Ba ya cikin masu matsayi mai kyau tun farko, matsakaici ne ya shigo da shi jerin. Kashi 3 a matsayi na 9 ma ba abin kunya ba ne. Aikinsa daban ne: a inganta rubutun, a ƙara ma'aunin alkama da yadda ake gane tsamin ƙullu ya yi, a sa masa mahaɗai daga sauran shafukan kayan gara. Wannan aikin hawa ne, ya fi ɗaukar lokaci, kuma ba shi muke nema yau ba.

Irin wannan ruɗi yana zuwa ta wasu ƙofofin ma. A Devices za a iya tarar shafi na 2 ne a kwamfuta amma na 7 a waya, alhali kusan duk masu karatunsa a waya suke. A Countries za a iya tarar matsayin mai kyau daga wata ƙasa yake zuwa, inda kalmar ke nufin wani abu daban a wani harshe, mutanen can kuma ba za su taɓa danna rubutun Hausa ba. Mai dandalin Hausa ya kamata ya tace Najeriya ita kaɗai ya duba, sannan Nijar, sannan Gana da sauran inda yake da masu karatu, domin jerin da Google ke nunawa a Zinder ba lallai ya zama wanda yake nunawa a Zariya ba. Akwai kuma tambayoyin da Google ke amsawa da kansa a saman allo, irin su lokacin sallah ko canjin kuɗi. A kan irin waɗannan, ko kai ne na biyu, mai tambaya ya samu abin da yake so kafin ya iso kanka, kuma babu kanun da zai dawo da shi.

Dambun nama: wanda ake nema

Da ta buɗe na dambun nama, kusan duk bayyanar daga tambaya ɗaya take da 'yan'uwanta: "yadda ake dambun nama", "yadda ake dambun naman sa", "hadin dambun nama". Matsayin yana tsakanin 3 da 4 a dukkansu, a waya da kwamfuta, kuma yawanci daga Najeriya. Babu akwatin da ya tare sama. Buƙatar mai tambaya ita ce ainihin abin da shafin ke koyarwa. Duk da haka kashi 1.8 yake samu inda 'yan'uwansa ke samun 7. Wannan ne shafin da ake nema: an kawar da duk wani uzuri, abin da ya rage shi ne yadda yake gabatar da kansa.

Ta bincika a waya, sai ta ga dalili. Na sama da ita da na ƙasa da ita duk kanunsu ya faɗi abin da suke ɗauke da shi. Nata kuwa cewa yake "Girkinmu na Yau kashi na 47", sai sunan dandali, kalmar dambu tana can ƙarshe inda allon waya ya yanke ta. A ƙarƙashinsa, inda ya kamata a ga ɗan bayani, gaisuwa ce da ban-gajiya ga masu bibiya, domin da ita rubutun ya fara. Gaisuwa ɗabi'armu ce mai kyau, amma layi biyun nan su ne kaɗai damar da shafi ke da ita ya gaya wa baƙo abin da zai samu.

Gyaran wuri biyu ne a cikin shafin, kuma masu amfani da WordPress ko Blogger suna da gurabun cike su ba tare da taɓa lambobin ciki ba:

```
<title>Yadda ake dambun nama mai daɗewa bai lalace ba</title>
<meta name="description" content="Ma'aunin nama kilo 2, dafawa, daka da suya, da yadda ake adana shi.">
```

Kanun ya fara da kalmomin da mutane ke rubutawa, kamar yadda Queries ya nuna su, sannan ya ƙara abu ɗaya da sauran ba su yi alƙawari ba, wanda kuma da gaske yana cikin shafin. Google bai sa iyakar haruffa ga kanu ba, yana dai yanke shi daidai faɗin allo, shi ya sa muhimmin abu ke zuwa a farko. Sai dai a sani, abin da ka rubuta shawara ce kake ba Google. Tun 2021 ya faɗaɗa yadda yake sake rubuta kanun shafuka, inda yakan ɗauko babban kanun da ke cikin rubutun idan ya ga ya fi dacewa, ɗan bayanin ƙasa kuwa sau da yawa daga jikin rubutun yake tsinto shi gwargwadon tambayar. Saboda haka sai ta daidaita babban kanun cikin shafin da sabon, ta kuma mayar da gaisuwar ƙasa, sakin layi na farko ya shiga batu kai tsaye. Ba ta taɓa adireshin shafin ba, domin sauya shi wata rigima ce daban. Daga nan ta liƙa adireshin a URL Inspection ta danna Request indexing, don Google ya dawo ya sake karantawa.

Abu ɗaya ya kamata ta duba kafin ta rufe. Idan ta tace tambayar "yadda ake dambun nama" sannan ta koma Pages, tana iya tarar shafukanta biyu ne ke fitowa a kanta, tsoho da sabo. Idan haka ne, kowanne yana samun bayyana, mai bincike kuma ɗaya zai danna, sai kason kowanne ya yi ƙasa ba tare da laifin kanu ba. Maganin wannan shi ne haɗe su su zama ɗaya.

Sanin ko gyaran ya yi aiki

Ta rubuta ranar da ta yi gyaran, ta bar shafin ya huta. Bayanan manhajar sukan makara da kamar kwana biyu, kuma Google na iya ɗaukar kwanaki kafin ya nuna sabon kanun. Bayan mako huɗu ko biyar sai ta tace shafin da tambayar, ta shiga zaɓin kwanan wata, ta yi amfani da Compare ta gwada kwana 28 na bayan gyara da 28 na kafinsa. Abin dubawa shi ne kaso tare da matsayi, su biyun a haɗe. Idan matsayi yana nan wajen 3.4, kaso ya tashi daga 1.8 zuwa 5, kanun ne ya yi aikin. Idan kaso ya tashi amma matsayi ma ya koma 1.9, ba za ta iya cewa kanun ba ne, domin hawan kaɗai ya isa ya kawo haka. Idan kuma matsayi ya faɗi bayan gyaran, sai ta duba ko ta cire wata kalma da Google ke dogaro da ita. Shi ya sa ake ajiye tsohon kanun a rubuce, kuma shi ya sa ba a gyara shafuka talatin rana ɗaya.

Yawan dannawa shi kaɗai ba shaida ba ne, musamman ga dandalin girki. Dambun nama abincin Babbar Sallah ne. Idan ta yi gyaran mako biyu kafin layya, dannawa za ta yi tsalle ko da ba ta taɓa komai ba, haka kunun aya da azumi ko lokacin zafi. Watanni 16 da manhajar ke ajiyewa suna ba da damar gwada bana da bara, amma zaɓin da ke cikinta kalandar Miladiyya yake bi, Sallah kuwa tana matsowa da kusan kwana 11 kowace shekara. Don haka sai ta sa kwanakin da hannu, makonni biyu kafin Sallar bana a gefe ɗaya, makonni biyu kafin ta bara a ɗaya gefen.

Wanda gwajinsa ya ratsa ta tsakiyar Satumban 2025 yana da ƙarin abin lura. A lokacin ne Google ya daina amsa umarnin `&num=100`, wanda manhajojin bin diddigin matsayi ke amfani da shi su buɗe sakamako 100 a shafi ɗaya. Waɗannan manhajoji suna ta tara wa shafukan da ke can ƙasa bayyanar da ba ta mutane ba. Da aka rufe ƙofar, dandamali da yawa sun ga bayyana ta faɗi, matsakaicin matsayi ya gyaru, kaso ya tashi, dannawa kuwa tana nan inda take, kuma abin ya fi fitowa a lambobin kwamfuta. Idan layin bayyana ya karye a daidai wannan lokaci ba tare da layin dannawa ya motsa ba, to ma'auni ne ya sauya, kuma ya fi kyau a ɗauki duka ɓangarorin gwajin daga bayan wannan wata.